Takardar da Na Aika wa Alhaji Sabi'u

Na san abin da kuka ji, ku 'ya'yana. Ko ba a faɗa a gabanku ba, an faɗa kuna wucewa a gidajen biki na New Bell, nan Douala, cewa uwarku ce ta rubuta wa mutum takardar ƙi da Faransanci, ta sa ubanta ya karanta masa a tsakiyar kasuwa. Shekara da shekaru ina jin maganar ina haɗiyewa. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni a Makèpè, kuma waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, bari in faɗa muku yadda aka yi. Ban zo in wanke kaina ba, don ina da nawa laifin, kuma zan nuna muku inda yake.

Shekarun kiriz ne, wato lokacin da kuɗi ya ƙafe a ƙasar nan, aka rage albashi, kamfanoni suka riƙa sallamar mutane ana cewa kompresiyo. Ni ina da shekara ashirin da bakwai, ina buga tafireta a wani biro, wato ofis, a Akwa, kuma a unguwarmu mace mai shekarun nan ba aure an riga an fara yi mata addu'a da ƙarfi. Babanmu, Malam Isiyaku, ya yi kusan shekara talatin yana akawu a wani kamfanin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa. Rana ɗaya aka ba shi takarda aka ce ya huta. Ku ba ku san shi ba, sai a hoto. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya sai ya isa wurin aiki kafin mai mabuɗi. Da ya zauna a gida sai ya fara narkewa muna kallo. Wata bakwai ya yi a kan benci a tsakar gida, yana sauraron ruwa a kan kwano, yana korar kajin maƙwabta. Innarmu takan ce da mu ƙasa-ƙasa, mutumin nan ba ciwo ke damunsa ba, rashin wurin zuwa ne.

Sai Allah ya haɗa shi da Alhaji Sabi'u a masallaci. Alhaji Sabi'u ɗan kasuwa ne da ya zo daga arewacin Najeriya shekara biyar kafin nan, yana sayar da shadda da atamfa a babbar kasuwa. Wata Juma'a bayan an idar ya nuna wa Baba wata takardar duwan, wato kwastan, da ta hana shi barci, Baba ya karanta masa, ya gaya masa ofishin da zai je da abin da zai ce. Daga nan aka ajiye wa Baba kujera a rumfar Alhaji. Ba albashi ba ne, ko da yake ranar Juma'a akan aiko mana da cefane. Abin da kujerar ta ba shi ya fi cefane. 'Yan kasuwar layin gaba ɗaya, mutanen Najeriya da ba su yi lekol ba, wato bokon Faransanci, suka riƙa kawo masa takardunsu, na harajin lampo, na haya, na duwan, suna kiransa Malam. Kuma yana da hanyarsa ta karatu da ta sa suka yarda da shi. Sun sha wuya a hannun masu karanta takarda a zuci su taƙaita musu yadda suka ga dama. Shi Baba ba ya duba takarda a ɓoye. Yana buɗewa a gaban mai ita da duk wanda ke wurin, ya karanta layi ɗaya da Faransanci da ƙarfi, ya maida shi Hausa, sannan ya wuce na gaba, ba ƙari ba ragi. Cikin wata biyu kumatunsa suka dawo, ya koma yi wa Inna tsiya a kan gishirin miya. Ku riƙe wannan, don kujerar nan ita ce abin da na taɓa ban sani ba.

Matar Alhaji ta rasu a gida tun kafin ya zo Douala, kuma bai sake aure ba. Wata rana Baba ya kira ni, yana kallon gefe kamar yadda iyaye ke yi in za su yi irin wannan magana, ya ce Alhaji ya nemi izinin zuwa ya gaishe ni ranar Lahadi. Ya ce shi ba zai ɗora mini abin da ban ɗauka ba, in gan shi kawai, in ya kwanta mini shi ke nan, in bai kwanta ba babu komai. Na shaide shi a kan wannan, bai taɓa matsa mini ba.

Ya zo bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa, har sai da ya tattare babbar rigarsa ya tako kan katakon da muke gittawa. Aka shimfiɗa mana tabarma a baranda. Mutum ne kamili, mai tsafta, zai yi shekara arba'in, yana da fara'a. Ya tambayi aikina, na faɗa masa. Ya ba ni labarin garinsu, da yadda damina a can wata huɗu ce ba irin tamu ta Douala da ba ta san ƙarshe ba. Ya yi mini 'yar tsiya cewa Hausarmu ta nan ta sha ruwan teku, na rama da cewa Faransancinsa na kasuwa ko akuya ba za ta saya da shi ba, muka yi dariya. Bai faɗi kalma ɗaya da za a ce ba ta dace ba. Amma ina zaune ina jin raina kamar ina jiran a kira lambata a asibiti. Na kama kaina ina lissafa takardun da zan buga gobe. Da ya yi shiru ban ji ina son ya ci gaba ba, da ya tashi tafiya ban ji ina son ya ƙara minti ɗaya ba. Ba ƙi ba ne, ba tsoro ba ne, babu komai ne kawai, kuma na san kaina, abin da bai motsa mini ranar farko ba ba ya motsawa. Ya ajiye kwalbar turare a gefen tabarma, ya ce in Allah ya kai mu Lahadi mai zuwa zai dawo. Ni kuma, da yake bakina ya saba da ladabi fiye da gaskiya, na ce Allah ya kai mu.

Da ya tafi na gaya wa Inna. Ta ce mene ne aibinsa, na ce babu. Ta ce to me nake nema, na ce ban sani ba, amma ba shi ba ne. Ta yi tsaki ta ce ita da aka kawo ta gidan nan ko fuskar Baba ba ta sani ba, kuma ga mu. Da ta ga ba zan tanƙwaru ba sai ta koma kan hanyar da kowa ya sani a unguwa.

"To ki bari ya zo," in ji ta. "Lahadi a ce ba kya nan. Ta gaba a ce kanki ke ciwo. Ta uku da kansa zai gane. Babu wanda ya ce a'a, babu wanda aka ce wa a'a. Haka ake yi."

Haka ake yi kuwa, kuma ni na tsani hanyar tun ina yarinya. Na sha ganin maza a ƙofar gidajen unguwarmu, sun sha wanka sun sha turare, suna tsaye a gefen kwata, ana fitowa ana yi musu ƙarya, yarinyar kuwa tana bayan labule tana dariya. Na ce a raina mutumin da ya ɗaga ubana daga benci ya fi ƙarfin a yi masa haka. Zan gaya masa gaskiya, da wuri, cikin mutunci, tsakanina da shi. A lokacin ina ganin na fi Inna wayewa. Lekol takan sa wa mutum wannan ciwon.

Ranar Litinin da hutun rana na zauna gaban tafireta. A biro ɗinmu akwai wata babbar mace, Madam Régine, wadda ta koya mini aiki, ta yi aure biyu ta kuma ƙi maza da yawa, don haka ta san kan abin. Na farko da na buga shafi guda ne cur. Na ce aiki ya yi mini yawa, na ce ban shirya aure yanzu ba, na ce wataƙila nan gaba. Ta karanta ta tura mini abata. Ta ce in na ce ban shirya ba, zai jira in shirya, in na ce aiki, zai ce in bar aikin shi zai riƙe ni, in na ce nan gaba, na ɗaure shi da igiya na tafi na bar shi. Ta ce duk uzurin da ba gaskiya ba ƙofa ce, kuma mai so ba ya ganin ƙofa ya wuce. Na sake bugawa, wannan karon na kawo dalilai, cewa ni haifaffiyar nan ce shi kuma wata rana zai koma gida, cewa tasowarmu ba ɗaya ba ce. Ta ce wannan ta fi ta farko muni, don na mayar da shi mai laifi, kuma kowane dalili zai iya kawo masa amsa. Ta ce abin da babu shi ba a yi masa bayani.

"Abu huɗu kawai, ma fille, 'yata," in ji ta. "Ki gode masa da abin da ya yi da gaske. Ki ce a'a a layi ɗaya, yadda ko kurma zai ji. Ki ce ba laifinsa ba ne, in dai gaskiya ne. Ki yi masa fatan alheri, ki sa hannu. Kuma ta isa gobe, kafin ya fara sayen kayan Lahadi."

Sai da na ɓata takarda biyar kafin na samu wadda ta tsaya. Har yau ina iya karanta ta da ka. Ga ma'anarta da Hausa:

"Alhaji, na gode da ziyarar da ka kawo mini ranar Lahadi, da kyakkyawar hira, da kyautarka. Na ga mutuncinka, na kuma san alherin da kake yi wa gidanmu. Na yi tunani sosai, kuma gaskiya ita ce ban ji a zuciyata abin da zai sa mu ci gaba ba, don haka ina roƙonka kada ka wahalar da kanka da zuwa Lahadi mai zuwa. Babu abin da ka yi ko ka faɗa da ya jawo haka. Na ga ya fi dacewa in gaya maka yanzu da in bar ka kana jira. Allah ya haɗa ka da wadda ta fi zama alheri gare ka. Zulaihatu."

Ku duba ta da kyau. Na girma, na aurar da ku, na ga takardu iri-iri, kuma har yanzu ban ga kalmar da zan cire ba. In ɗayanku ya zo mini yau ya ce ya ga wata ko wani sau ɗaya zuciya ba ta kama ba, wannan zan ce ya rubuta. Laifin ba a cikin takardar yake ba.

Da Faransanci na rubuta, domin da shi kaɗai na iya rubutu. Hausa a bakina take, da ita na yi kuka ina jaririya, amma ba wanda ya taɓa koya mana yadda ake sa ta a takarda, ajamin da muka taɓa a makarantar allo kuwa bai wuce karatun salla ba. Ban tsaya na tambayi kaina ko Alhaji yana karanta Faransanci ba. Na ji yana yaƙi da shi a baki, na ɗauka wanda ya yi shekara biyar a Douala zai iya haɗa layi shida. Kuma na san Baba yana karanta masa takardu, na sani sarai, amma a kaina takardun gwamnati ne masu wuyar kalmomi. Ban haɗa biyu da biyu ba. Na sa ta a farar ambulan ta biro, na buga sunansa da tafireta don rubutun hannuna ba shi da kyau, na ba Papa Ndoumbe, dattijon da ke kai mana saƙonni a kan ƙaramin babur, da kakinsa da jakar fatarsa. Na ce ya ba shi hannu da hannu. Haka ya yi, bai saɓa ba.

Ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da Baba a kan benci, alhali bai saba dawowa ba sai an yi la'asar a kasuwa. Na gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Inna na ɗaki. Kafin in cire takalmi matan gidan da ke bayanmu sun riga sun sani, kafin magariba unguwa ta sani. Abin da ya iso kunnena, bayan ya bi ta baki goma, shi ne: wani ma'aikaci mai kaki ya kawo wa Alhaji farar ambulan, Alhaji ya ɗauka ta lampo ce, ya miƙa wa Malam kamar kullum, rumfa cike da 'yan layi ana shan shayi. Malam ya buɗe, ya karanta ta tun daga farko har sunana, Faransanci da Hausa, layi bayan layi. Da ya gama ya ajiye ta a kan bandir ɗin shadda, ya ɗauki lemarsa ya fito.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Amma bayan kunya sai fushi ya zo, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce a raina, ai yana da ido. Layin farko ya isa ya gane takardar waye. Me ya hana shi naɗe ta ya ja Alhaji gefe? Na yanke cewa da gangan ya yi. Ko dai ya ji haushin na ƙi abokinsa ya so ya hukunta ni a gaban mutane, ko kuma sunansa na mai karatu ba ƙari ba ragi ya fi masa 'yarsa. Da wannan na kwana, da shi na tashi, kuma ban tambaye shi ba. A gidanmu ba a tambayar uba dalili.

Washegari bai fita ba. Jibi ma haka. Ranar Juma'a cefane ya zo kamar kullum, Baba ya ce a mayar, a ce an gode. Alhaji ya aiko dattawa biyu daga layin, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce jikinsa ne ba daɗi. Daga baya Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar gida da takardu a hannu, ya ce a gaya wa Malam shi bai riƙe komai ba, aure nufin Allah ne, kujera na nan ba wanda ya zauna. Ina jin sa daga ɗaki. Baba ya sa Inna ta ce ba ya nan. Sau uku Alhaji yana zuwa, sau uku ana ce masa ba ya nan, a tsaye a gefen kwata, abin da na rubuta takarda don kada a yi masa. Bayan ta uku bai sake zuwa ba. Har masallaci Baba ya sauya, ya koma wani ƙarami a can cikin lungu, don kada su haɗu a sahu.

Inna ce kaɗai ta taɓa samun magana daga bakinsa, ita ta gaya mini tana tsinke ganye ba ta kalle ni ba. Ta ce ya ce ba zai iya zama a gaban mutanen da suka ji bakinsa ya kunyata mai rumfar ba. Ya ce mutumin ya ba shi inuwa, shi kuma ya tsaya a cikin inuwar ya tuɓe masa hula. Na ce ai Alhaji ya ce ya yafe. Ta ce yafewar ce ta fi yi masa nauyi.

Shekarar ta ƙara tsanani. Aka shiga kwanakin da ake rufe gari, ba mota ba kasuwa sai ƙarshen mako, hayaƙin taya a mararraba, sojoji a bakin titi. Nakan tafi Akwa da ƙafa in dawo da ƙafa, albashin ma sai an ga dama. A unguwa an sa mini suna Madam Takarda. Iyayen samari suka ja 'ya'yansu, wai kada a aiko musu da sammaci. Wannan bai dame ni sosai ba, ina da bakin ramawa. Abin da ya dame ni yana tsakar gida. Baba ya koma benci, kuma wannan karon ko kajin ba ya kora. Rigunansa suka yi masa yawa. In aka kawo abinci ya taɓa ya ture. Wani lokaci maƙwabci yakan shigo da takardar wuta ko ta asibiti a karanta masa, sai ya ce idonsa ba ya gani, a kai wa Zulai. Ni kuma in karɓa in karanta a zuci in faɗi abin da ke ciki, yana zaune yana ji.

Ina ganin duk wannan, kuma zuciyata ba ta yi laushi ba. Ina gaishe shi safe da yamma daga bakin ƙofa, ba na zama. Da can ni ke kai masa shayi in zauna ya tambaye ni labarin biro, ya gyara mini Faransanci. Na daina, na bar wa Inna. Ba rashin kunya na yi masa ba, ko sau ɗaya ban ɗaga masa murya ba. Na janye ne kawai, kuma ya lura, don wata safiya da na gaishe shi zan wuce ya kira sunana. Na tsaya. Ya daɗe yana kallona kamar mai neman ta inda zai fara, sannan ya ce in tafi da lema, hadari ya haɗo. Na ce to. Na fita ban ɗauki lemar ba.

Damina ta biyu ce ta tafi da shi. Tari ya fara, ya sauka a ƙirji, muka kai shi asibiti a lokacin da ko auduga sai ka saya da kanka. Kwana tara ya yi. Likita ya faɗi sunan ciwon, amma Inna ta ce ita ta san ranar da ya fara mutuwa, kuma ta faɗi haka ina tsaye. Ba ta sake faɗa ba har ta bar duniya, sau ɗayan ya ishe ni. Kafin ya cika na nemi gafararsa kamar yadda kowane ɗa ke yi, ya ce ya yafe duniya da lahira, ni ma in yafe masa. Na ce na yafe. Da baki na faɗa, kuma ina jin ya sani.

Ranar addu'ar uku gida ya cika. 'Yan layin shadda sun zo gaba ɗayansu, sun rufe rumfunansu. Da aka watse da hantsi sai aka ce Alhaji Sabi'u yana son yi mini gaisuwa. A lokacin ya yi aure, ya koma Sodiko can ƙetaren gada, ban sa shi a ido ba tun ranar Lahadin nan. Na fito baranda da mayafi, Inna na zaune a gefe. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya yi mana ta'aziyya, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Na ɗauka ya gama. Sai ya ce akwai abin da yake ɗauke da shi, yana so ya sauke, in mun ba shi izini.

Ya ce takardata ba ta ɓata masa rai ba. Ya ji zafi, ba zai yi ƙarya ba, amma daga baya ya sa an sake karanta masa ita shi kaɗai, ya ga ba a taɓa ƙin sa da mutunci irin haka ba. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya ce ranar, da Malam ya karanta layin farko ya maida shi Hausa, na gode da ziyarar da ka kawo mini ranar Lahadi, sai ya tsaya. Ya duba ƙasan takardar, ya naɗe ta, ya ce wannan ta gida ce, a bari sai an watse.

"Ni kuwa na ji godiya," in ji Alhaji. "Na ji an ce an gode da hira, an gode da kyauta. Na ɗauka albishir ne. Raina ya yi fari, na so 'yan'uwa su ji. Na ce, Malam, karanta, duk nan gida ne. Ya ce, Alhaji, ka bari. Mutane suka fara dariya suna cewa yau Malam ya naɗe takarda, abin da bai taɓa yi ba, ko surukuta ce ta fara tun yanzu. Na ƙwace ta daga hannunsa, na ce in ba zai karanta ba ga wani akawu can a layin takalma, a kira shi. Wannan akawun kuwa kin san irinsu, sai ya ƙara gishiri ya kai ta kowace rumfa. Malam ya kama hannuna ya ce, don Allah, Alhaji, ka bar ni da ita. Sau uku yana roƙona, ina dariya. Da ya ga an tashi kiran mutumin sai ya ce in ba shi. Ya ce in dai sai an karanta, gara a ji ta yadda yarinyar ta rubuta."

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce da Malam ya kai ƙarshe, kafin ya ajiye ta, ya dubi mutanen rumfar ɗaya bayan ɗaya ya ce, kun ji dai, babu zagi a ciki. Wannan ne kaɗai abin da ya taɓa ƙarawa a kan takarda tun da suka san shi.

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce amin, ya tashi ya tafi. Inna ta shiga ɗaki. Ni na zauna a wurin har aka kira azahar ban iya tashi ba.

Bayan shekara biyu na haɗu da mahaifinku, kuma a ranar farko na ji abin da ban ji ba a waccan Lahadin, don haka ban taɓa nadamar a'ar da na ce ba. In an sake ce muku uwarku ta wulaƙanta mutum da takarda, ku ce ba haka ba ne. In an ce kakanku ya tona wa 'yarsa asiri a kasuwa, ku ce ƙarya ne, ku faɗa da ƙarfi. Amma in kuna son sanin laifina, ga shi. Wata goma sha huɗu muna gida ɗaya da shi, tsakanin ƙofar ɗakina da bencinsa taku biyar ne, kuma ban taɓa zama kusa da shi na ce, Baba, yaya aka yi ba.